Kyanwar ƙawarki ta mutu: me za ki rubuta mata?

Idan mutum ya rasu a unguwa, babu mai tsayawa tunanin abin da zai faɗa. Tun muna yara muka haddace hanyar: a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a zo a durƙusa, a ce ya haƙuri, a yi wa mamaci addu'a, a ɗan zauna, a tashi. Idan gobara ce ta cinye shago, ko ɓarayi suka kore shanu, nan ma an san abin yi: a je jaje, a ce Allah ya mayar da alheri, mai hali ya sa hannu a aljihu. Amma a ce kyanwar da wata baiwar Allah ta shekara 11 tana kwana a gefen ƙafarta ce ta mutu, ko dokin da wani dattijo ya yi hawan salla a kansa har gashin bakinsa ya yi fari, sai baki ya rasa inda zai kama. Gaisuwar mutuwa ta yi wa abin nauyi. Jajen asarar dukiya kuma bai kai inda ciwon yake ba. Daga nan ne mutane ke zamewa zuwa barkwanci: "Haba, don mage kike kuka? Gobe in kawo miki uku."

Mai faɗin haka ba mugu ba ne. Sau da yawa so yake ya rage wa ƙawarsa nauyi, sai ya rage darajar abin da ya ɓata. Matsalar ita ce mai kukan ba ta ji "ki yi haƙuri" a cikin maganar ba. Abin da ta ji shi ne "kin ba da kunya". Za ta share hawaye, ta yi 'yar dariyar yaƙe, ta ce ai haka ne, sannan ta koma ɗaki ta ci gaba da kukanta ita kaɗai, da sabon nauyi a kan na da, wato jin cewa akwai abin da ya same ta a ƙwaƙwalwa.

Wani masanin harkar baƙin ciki ɗan Amurka, Kenneth Doka, ya fitar da littafi a 1989 a kan irin wannan hali, inda mutum ke cikin jimami amma jama'arsa ba ta amince masa ya yi jimamin a fili ba. Daga cikin rashin da ake sawa a wannan sahu akwai ɓarin ciki, da mutuwar wanda aka daɗe da rabuwa da shi, da mutuwar dabbar da aka shaƙu da ita. Abin da ya haɗa su shi ne babu tabarma, babu masu zuwa gaisuwa, babu hutun kwana uku daga wurin aiki. Mai rashin yana ɗauke da kayansa shi kaɗai. A irin wannan yanayi saƙo ɗaya daga aboki yana da nauyin da ba zai samu ba a gidan makoki, domin mai yiwuwa shi ne kaɗai saƙon da zai zo.

Akwai mai cewa, a ƙasar da ake binne mutane kullum saboda 'yan bindiga da haɗarin mota da rashin kuɗin asibiti, kukan kyanwa gata ne na 'yan boko. Na fahimci inda maganar ta fito, amma ban yarda da ita ba. Shaƙuwa da dabba ba daga Turai aka yi mana safararta ba. A tambayi mai kula da doki a bargar wani basarake yadda gidan ke zama ranar da akawalin maigida ya faɗi. A tambayi maharbi da karensa ya mutu a daji, ko Bafulatanin da ya san kowace saniya da sunanta da halinta, ko yaron da ya tashi da safe ya tarar muzuru ya shiga akurkin tattabarunsa. Kuma tausayi ba hatsi ba ne da za a ce in an auna wa wannan mudu ɗaya an rage rabon wancan. Wanda ya iya zama da ƙawarsa a kan ƙaramin rashi, shi ne dai za a gani ranar babban.

Mutanenmu ma sun riga sun faɗi dalilin: sabo ake yi wa kuka. Kyanwar gida da ake kula da ita kan yi shekara 12 zuwa 15, wata ta zarce. Doki kan kai 25 zuwa 30. Aku kan yi shekaru 40 ko fiye a hannun mai shi, har ya gaji muryar wanda ya riga shi tafiya. Wanda ya yi wannan tsawon zama da wata halitta ya gina yininsa a kanta ba tare da ya sani ba. Ita ke tashinsa da asuba, saboda ita yake ajiye kan kifi, ita ke tarbarsa a zaure in ya dawo. Ranar da ta mutu, ba a lokaci guda yake rasa ta ba. Yana rasa ta da asuba, ya sake rasa ta lokacin cin abinci, ya sake rasa ta da ya buɗe ƙofa bai ji komai ya goga masa ƙafa ba.

Jiki ma yana ɗaukar abin da gaske. A 2017 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga labarin wata mata mai shekara 61 a jihar Texas da aka garzaya da ita asibiti a Houston da ciwon ƙirji irin na bugun zuciya. Da aka duba, jijiyoyin zuciyarta a buɗe suke. Abin da ya same ta wani ciwo ne da likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990, inda tsananin tashin hankali ke raunana tsokar zuciya na wani lokaci, kuma ya fi kama matan da suka manyanta. Matar tana da wasu damuwoyin na iyali, amma abin da ya zo daf da ciwon shi ne mutuwar ɗan ƙaramin karenta. Wannan ba abu ne da ke samun kowa ba, kuma ba don a tsorata mutane na kawo shi ba. Na kawo shi ne don wanda ke ganin duk abin shagwaɓa ce.

Ga Musulmi kuwa, akwai abin koyi da ya fi kusa. Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami da ake yi wa alkunya da Abu Umair, yana da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shigo gidan ya ga yaron a takure, ya tambayi abin da ya same shi, aka gaya masa, sai ya kira shi da alkunyarsa ya tambaye shi labarin ɗan tsuntsun, cikin raha irin ta rarrashi. Asalin hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, kuma wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙass, ya zauna ya fitar da fa'idoji kusan 60 daga cikinsa. Mu a nan abu kaɗan muke buƙata. An lura da fuskar yaron. An tambaya. An kira shi da sunan girmamawa irin na manya. An ambaci tsuntsun, ba a kauce masa ba. Ba a ruwaito an ce masa tsuntsu ne kawai ba, ba a kuma ruwaito an ce gobe za a kamo masa wani ba. Duk abin da saƙo mai kyau ke buƙata yana cikin wannan ɗan taƙaitaccen labari.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi dalla-dalla, domin a wurin rubutawa ne hannu ke rawa.

A ce ƙawarki ce tun ta makaranta, shekarunta sun haura hamsin, mijinta ya rasu, 'ya'ya sun yi aure sun watse. Tana da kyanwa mai suna Ladi, don ranar Lahadi aka tsinto ta tana 'yar mitsitsiya a bayan katanga, kuma marigayin ne ya ce a bar ta. Shekararta 11 a gidan. Makon jiya Ladi ta daina cin abinci, ta shige ƙarƙashin gado. Ƙawar taki ta taɓa ta ta ji kamar da zafi, sai ta ɓalli rabin ƙwayar farasitamol ta jiƙa ta ɗura mata, kamar yadda ta sha yi wa yaranta. Kafin dare fuskar kyanwar ta kumbura, numfashi ya yi wuya, dadashin bakinta ya koma ruwan ƙasa. Washegari aka kai ta wurin likitan dabbobi, ya yi abin da zai iya, ba ta kwana biyu ba. Kuma ya gaya mata gaskiya: maganin ne. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol yadda tamu ke yi, sai ya lalata jininta ya kasa ɗaukar iska. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe kyanwa, rabinta ma haɗari ne babba, babu wani awo da za a ce ba ya cutarwa. Akwai maganin da ke karya gubar, amma sai an kai ta cikin 'yan awoyin farko.

Kin ji labarin daga bakin 'yarta. Kin ɗauki waya.

Abu na farko, kada ki jira sai kin sami kalmomi masu kyau. Ki tura a ranar. Kuma ki tura mata ita kaɗai, ba a dandalin tsofaffin 'yan aji ba, inda tabbas wata za ta liƙa hoton dariya. Idan kun saba da saƙon murya, ya fi, domin murya na ɗaukar abin da rubutu ke zubarwa. Idan rubutu ne, wani abu kamar haka ya wadatar:

"Ƙawata, yanzu nake jin Ladi ta mutu. Innalillahi. Wallahi raina ya ɓaci. Tun da na ji nake tuna yadda take hawa kan sallayarki da kin idar, ta ƙi sauka sai kin shafa ta, da yadda take harara ta in na zauna a kujerarta. Shekara 11 ba wasa ba ne, kuma na san gidan zai yi miki faɗi. Allah ya ba ki haƙuri, ya ba ki ladan ɗawainiyar da kika yi da ita. Ba sai kin amsa ba. Zan shigo gobe bayan la'asar in Allah ya yarda."

Saƙon gajere ne, amma kowane yanki na da aikinsa. An kira kyanwar da sunanta. "Magen nan taki" na nufin ɗaya daga cikin dubban magunan gari, "Ladi" kuwa guda ɗaya ce tak, kuma ita ce ta mutu. An kawo abu ɗaya na gaske da mai rubutun ta gani da idonta. Wannan shi ne zuciyar saƙon, domin yana gaya wa mai rashin cewa ba ita kaɗai ta san wannan halitta ta rayu ba. Idan ba ki taɓa ganin dabbar ba, kada ki ƙirƙira. Ki faɗi abin da kika ji daga bakinta: "Ban taɓa ganinta ba, amma ba mu taɓa yin waya ba ki ba ni labarinta ba." Ko ki tambaya: "Yaya ma aka yi kika same ta?" Mai rashin dabba kusan kullum tana son ba da labarin, mai saurare ne babu.

Addu'ar ma an zaɓe ta. Ga mai rai aka yi ta: haƙuri da lada. Ba a ari addu'ar da ake yi wa mamaci ɗan Adam ba, ba a nema wa kyanwa gafara ba, ba a kuma yi alkawarin za su haɗu a aljanna ba. Wannan magana ce ta malamai, ba ta saƙon waya ba, kuma wadda ta san addininta za ta ji abin ya yi mata banbaraƙwai. Ladan kuwa ba daɗin baki ba ne. Ingantattun hadisai sun zo da labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da aka azabtar don ta kulle kyanwa har yunwa ta kashe ta. Wadda ta ciyar da rai shekara 11 tana da abin da za a tuna mata da shi.

Sai "ba sai kin amsa ba", wanda ke sauke mata nauyin godiya. Sai alkawari mai rana da lokaci. "In kina buƙatar wani abu ki faɗa" magana ce da babu wanda ke amsawa, balle wadda take jin kunyar kukan da take yi.

Abin da aka bari a waje ya kai abin da aka saka muhimmanci. Babu "gara da ba mutum ba ne". Ita ma ta san ba mutum ba ce, ta binne miji. Babu "ai ta tsufa", ko da gaskiya ne, don tsawon zama ƙara sabo yake, ba rage shi ba. Babu labarin taki kyanwar da mota ta take shekarun baya, sai dai a jimla ɗaya, in har zai nuna kin san hanyar. Kuma babu "Allah ya mayar da alheri" a wannan rana ta farko. Addu'a ce mai kyau, kuma lokacinta zai zo. Amma mun saba jin ta a kan babur da aka sace da buhunan da ruwa ya jiƙa, don haka kunnen mai rashin zai fassara ta da cewa Ladi kaya ce da ake mayar da madadinsa.

Yanzu ga wuri mai wuya. Bayan awa biyu amsa ta zo: "Ni na kashe ta. Da hannuna na ba ta."

Jin laifi shi ne ya fi bambanta rashin dabba da sauran rashi. Dabba ba ta magana, ba ta zaɓar abincinta, ba ta kai kanta asibiti. Komai a hannun mai ita yake, saboda haka in ta mutu tambayar farko da ke zuwa ita ce, me na yi, me na bari? Mai doki zai ce da bai ba shi dusa da yawa ba da ciwon cikin bai kama shi ba. Mai kare zai ce da ya yi masa allurar rigakafi. Wanda ya zuba maganin ɓera a kicin zai daɗe bai yafe wa kansa ba.

Hanyoyi biyu ne ke jan mutum a nan, kuma dukansu ba sa kaiwa. Ta farko ƙarya ce mai daɗi: "A'a, ba maganin ba ne, kwananta ne ya ƙare." Likita ya riga ya gaya mata. In kika musanta, ta gane kina lallaɓa ta ne, sai ta daina yarda da sauran maganarki, har da ta gaskiyar. Ta biyu darasi ne: "Ai da kin tambaye ni, ba a ba mage wannan maganin." Wannan ta riga ta koya, a farashi mafi tsada.

Abin da ya rage shi ne a raba abin da ya faru da niyyar da ta sa aka yi shi, a kuma faɗi gaskiya a kan duka biyun:

"Na ji abin da likita ya ce, ba zan ce miki ba haka ba ne. Amma abin da kike ba 'ya'yanki in jikinsu ya yi zafi shi kika ba ta, don kin ɗauke ta kamar su. Ba ki sani ba, kuma mutane da yawa ba su sani ba. Da kin sani da ba ki kusanto da shi inda take ba. Sannan ki tuna ba lafiya lau take ba kafin nan, kwana nawa ta yi ba ta ci ba. Kuskuren dare ɗaya ba zai goge shekara 11 ba."

Wannan batu na rashin lafiyar da ta riga ta fara ba dabarar rarrashi ba ce. Kyanwa gwana ce wajen ɓoye ciwo, sai abin ya yi nisa take nunawa, kuma ciwon ƙoda ya zama ruwan dare a cikin waɗanda suka tsufa. Ana iya faɗin haka a matsayin abin da ke yiwuwa. Abin da ba a yi shi ne a mayar da shi tabbas, a ce ai dama mutuwa za ta yi. Sannan kada ki sa ran jimla ɗaya ta wanke mata zuciya. Za ta sake faɗin "ni na kashe ta" gobe, ta sake jibi. Ki sake ba ta amsar, ba tare da kin nuna kin gaji ba. Ƙaddara gaskiya ce, kuma mumina za ta isa can da ƙafarta. Bambanci ne tsakanin a ce mata "Allah ya riga ya rubuta" bayan an saurare ta, da a jefa mata ita tun farko don a rufe zancen.

Akwai inda shirun ladabi ba ya halatta, kuma wannan ya kamata kowa ya riƙe. Idan ƙawar taki ba ta san maganin ne ya yi kisan ba, alhali akwai wata kyanwar a gidan, dole ta sani. Ba a saƙon farko ba, amma kafin ɗayar ta yi atishawa. Idan guba ce dabbar ta ci, ko maganin ɓera ko na feshi, a tambaya a ranar ko an kwashe ragowar, don inda bakin kyanwa ya kai hannun yaro mai rarrafe ma zai kai. Mafi gaggawa shi ne karen da ya canza hali kafin ya mutu, yana dalalar da miyau, yana cizon abin da ya gani, ko ya kasa haɗiya, ko ƙafafunsa suka shanye. Nan tambaya ta biyu bayan "sannu" ita ce: ya ciji wani ko ya yakushe shi? In eh, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a fara allurar ciwon haukan kare a ranar. Cutar nan in alamunta suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Kyanwa ma tana ɗaukar ta. Wannan ba rashin tausayi ba ne, kuma mai hankali zai gode daga baya.

Harshen saƙon yana canzawa da wanda ake rubuta wa. Dattijon da dokinsa ya mutu ba zai so a yi masa zancen hawaye ba, kuma in da hali zuwa ya fi rubutu. A durƙusa a ce, "Baba, mun ji abin da ya sami Kili. Sannu da haƙuri. Har yanzu ana zancen takunsa a hawan bara." Sai a yi shiru. In ya so, shi zai ɗauko labarin inda ya sayo shi da wanda ya hore shi, kuma wannan labarin shi ne kukansa. A gaida mai yi masa ciyawa shi ma, don sau da yawa ya fi maigidan sanin dokin. Yaro kuwa a faɗa masa gaskiya, ta mutu, ba ta gudu ba, ba a kai ta ƙauye ba. Yaron da aka ce wa ta gudu zai yi watanni yana leƙa bayan gida, ko ya ɗauka wani abu ya yi mata. A bar shi ya taya haƙa ramin in yana so.

Sai abokin da karensa ya mutu, a wurin wanda bai yarda da ajiye kare a gida ba. Ra'ayinka naka ne, amma ranar rashi ba ranar muhawarar fiƙihu ba ce. Mutumin kake yi wa sannu. Haka ma 'yan uwanmu da ke zaune a Turai ko Amurka kan gamu da abokin aiki wanda likita ya yi wa dabbarsa allurar ƙarshe don ta huta da ciwon da ba ya warkewa. Can abin ya zama gama-gari, kuma mai shi ne ke sa hannu, don haka yakan fito da jin laifi mai nauyi. Ba sai ka yanke hukunci a kan matakin ba. Ya isa ka ce ka san ba abu ne mai sauƙi ba, kuma ka ga yadda ya kula da ita har ƙarshe.

Ɗaukar abu da muhimmanci ba yana nufin kumbura shi ba. Ba a kafa rumfa, ba a sadakar uku, ba a ce mata kamar 'ya ta rasa ba sai in ita ta faɗa da bakinta, musamman ga wadda ta taɓa binne ɗa. Kuma ba kowa ke shiga jimami mai tsanani ba. Wani zai ce "ta mutu, na ji ba daɗi", iyakarta ke nan, kuma gaskiyarsa ce. Kada a matsa masa ya yi kukan da ba ya ji. Mai rashin ke faɗin girman rashinsa, naka shi ne ka karɓa yadda ya faɗa. Sai dai a lura da wadda ta ce "ba komai, ai mage ce kawai" alhali muryarta na rawa. Wannan ta riga ku faɗa ne don kada ku faɗa. Amsarta ita ce, "Ladi ce fa."

Saƙo na biyu ya fi na farko wuyar zuwa, don mutane sun manta. Bayan mako ɗaya ko biyu, lokacin da 'yarta ta koma gidan mijinta, ki sake taɓa ta: "Kin faɗo mini a rai yau da safe. Yaya gidan?" In kina da hoton kyanwar a wayarki, ki tambaya tukuna ko tana so, don wata zai yi mata daɗi, wata zai fama mata ciwo. Kada ki je ki ɗauke kwanon abincin ko tsumman da take kwanciya a kai da sunan taimako. Ita za ta ɗauke ranar da ta shirya. Kuma kada ki yi mamaki in zancen Ladi ya juye ya koma zancen marigayi. Shi ya ce a bar ta a gidan, ita ce rai na ƙarshe da ya rage daga waccan rayuwar, kuma wani ɓangare na kukan nasa ne. Ba sai kin fassara mata haka ba. Ki saurara kawai.

Yawanci zafin kan lafa cikin makonni, ya riƙa zuwa yana tafiya. In kuwa makonni sun shuɗe ba ta cin abinci, ba ta barci, ta daina fita, ta bar shan maganin hawan jininta, ko ta fara cewa rayuwar ta ishe ta, to abin ya wuce saƙon waya. A sanar da 'ya'yanta, a raka ta ganin likita. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kuwa ba a jiran gobe.

Batun sabuwar kyanwa a bar shi sai ita ta ɗauko. Wata bayan wata ɗaya za ta ce ko maƙwabta na da 'ya'yan mage, wata sai bayan shekara, wata ta ce ta gama har abada. Kada a ɗauko a kwali a dire mata a tsakar gida a matsayin bazata, domin za ta riƙa auna sabuwar da tsohuwar, sabuwar kuma ba za ta taɓa cin wannan jarrabawa ba. In ta nuna tana so, ki taya ta nema, ki kuma tuna mata ta tambayi likitan dabbobi tukuna idan ciwo mai yaɗuwa ne ya kashe ta farkon. Ƙwayar cutar da ke sa 'ya'yan kyanwa amai da gudawa kan iya shekara guda a daɓen ɗaki da kwanuka, saboda haka sai an wanke wurin da ruwan bilic, an kuma yi wa sabuwar rigakafi, kafin a shigo da ita.